Shawarwari: Mayar da Takardar Aikin Tsaftar Gida Zuwa Hausa Ba Tare da Mataki ko Awo Ya Sauya Ba

Uwargida, wataƙila kina da irin takardar nan ta jerin ayyukan tsafta, wadda ko dai wata 'yar'uwa mai aiki a otal ta ba ki, ko kika samo ta a waya. Kusan dukkansu da Turanci suke zuwa, mai taya ki aiki kuwa Hausa take ji. Abin da aka saba shi ne ki riƙe takarda kina karantawa kina faɗa mata da baki, ta ce to, washegari ki tarar an share ƙasa kafin a kakkaɓe fanka, ƙura ta sake sauka a kan tayil ɗin da aka gama gogewa. Mafi yawan lokaci ba laifinta ba ne. A wajen fassara ne mataki ya tsallake ko awo ya sauya.

Fassarar irin wannan takarda tana da ma'auni guda: mutum biyu da ba su taɓa haɗuwa ba su karanta ta, su yi aiki iri ɗaya, da tsari iri ɗaya, da awo iri ɗaya. Zan ɗauki ɗakin baƙi da banɗakinsa a matsayin misali, domin duk abin da ke ba da wahala yana cikinsu: ƙura, shimfiɗa, magani mai ƙarfi, da jiran mintoci.

1. Ki yi aikin da hannunki kafin ki ɗauki biro.
Riƙe takardar Turancin ki shiga ɗakin, ki bi ta layi bayan layi kina yin abin da ta ce. A nan za ki gano layin da ba ki fahimta ba, da wanda yake maganar abin da babu shi a gidanki, kamar kwamin wanka ko injin zuƙe ƙura. Abin da hannunki bai gane ba, alƙalaminki ba zai iya bayyana wa wani ba, don haka ki sa wa irin waɗannan layuka alama ki tambayi wadda ta ba ki takardar.

2. Kada ki taɓa lambobin asali.
Layi na 9 a Turanci ya zauna layi na 9 a Hausa, ko da za ki tsawaita shi. Idan layi ɗaya ya ƙunshi ayyuka uku, ki raba shi 9a, 9b, 9c, maimakon ki tura sauran lambobin gaba. Amfanin wannan yana fitowa ranar da aka samu saɓani: ki ajiye takardun biyu gefe da gefe, cikin minti ɗaya ki ga inda aka bambanta.

3. Ki hana kanki rubuta "a tsaftace".
Takardun Turanci suna da kalma guda ta tsaftacewa da suke jefawa a kan komai, daga madubi har masai. Idan kika mayar da ita "a tsaftace", kin bar wa mai aiki ta zaɓi abin da ya fi mata sauƙi. Hausa ta fi wadata a nan, sai ki ci moriyarta: labule kakkaɓe shi ake yi, ƙasa sharewa, madubi gogewa, tayil ɗin banɗaki dirzawa, bokiti wankewa da ɗaurayewa, busasshen sabulu a jikin famfo kuma kankarewa. Ga kowane layi ki tambayi kanki wane motsi hannu zai yi, wannan shi ne kalmar da za ki rubuta.

Amma ki yi hattara da "goge", domin tana da fuska fiye da ɗaya. "A goge teburi" kowa ya san da tsumma ne, "a goge zanin gado" kuwa dutsen guga za a ɗauko. Don haka kullum ki haɗa ta da kayan aiki da yanayinsa: "a goge da busasshen tsumma", "a goge da tsumma mai ɗan danshi, wanda aka matse har ba ya ɗiga". Wannan bambancin busasshe da mai danshi yana da muhimmanci a lokacin hunturu, domin busasshen tsumma tayar da ƙura kawai yake yi ta koma wani wuri, mai danshi ne yake kama ta.

4. Kada ki fassara kashe ƙwayoyin cuta da "tsarkakewa".
Wannan kuskure ne da ake yawan yi, domin kalmar tana da daɗin ji. Amma a kunnen Bahaushe tsarki maganar najasa ce da ibada, kuma kowa ya san da ruwa zalla ake yin sa, wanda komai bai sauya masa launi ko ɗanɗano ko ƙanshi ba. Idan kika rubuta "a tsarkake mazaunin masai", mai aiki za ta kwarara ruwa ta tafi da yaƙinin ta cika umarni, kuma bisa fahimtarta ta cika. Ki rubuta abin da ake nufi kai tsaye: "a shafa ruwan bilic don kashe ƙwayoyin cuta". Idan kuma kina son a bi da ruwa zalla saboda tsarki, wannan buƙatarki ce mai kyau, sai ki ba ta layinta daban a ƙarshe, bayan maganin ya gama aikinsa.

A nan kuma ki lura cewa wankewa da kashe ƙwayoyin cuta ayyuka biyu ne, kuma wankewa ce farko. Datti da maiƙo suna cinye ƙarfin bilic, shi ya sa zuba shi a kan wuri mai datti asarar kuɗi ce. Ko da Turancin ya haɗa su a jimla ɗaya, ke ki raba su layi biyu.

5. Abin da za a fara yi shi za a fara rubutawa.
Marubutan Turanci suna son fara jimla da aikin da zai zo daga baya, kamar su ce kafin a shimfiɗa gado a kakkaɓe fanka. Mai karatu a hankali, wadda take bin kalma ɗaya bayan ɗaya, za ta fara cin karo da "shimfiɗa gado", kuma shi zai zauna mata a ka. Ki juya jimlar ta bi tsarin hannu: "A kakkaɓe fanka. Sannan a shimfiɗa gado." Kalmomin "da farko", "sai", "sannan" da "daga ƙarshe" sun ishe ki, ki rage amfani da "kafin" iyakar iyawarki.

Akwai ƙa'idoji huɗu da kusan kowace takardar ƙwararru take bi ko da ba ta faɗa ba: daga sama zuwa ƙasa, daga wuri mai tsafta zuwa mai datti, aikin busasshe kafin na ruwa, kuma daga ƙuryar ɗaki zuwa bakin ƙofa. Ki rubuta su a saman takardar da manyan haruffa. Wanda ya san dalilin tsarin ba ya saurin karya shi ranar da yake gaggawa.

6. Ki kula da "bayan" da "sama".
"Bayan" tana nufin lokaci, tana kuma nufin wuri, shi ya sa "a share bayan gida" zai iya kai tsintsiya banɗaki ko lungun da ke bayan gini. Idan wuri kike nufi ki ce "ta bayan ƙofa" ko "tsakanin gado da bango", idan lokaci ne ki ce "idan an gama". Haka "saman kabad" zai iya zama rufinsa na waje ko kantar da ta fi tsayi a ciki, sai ki fayyace wanne.

7. Abu ɗaya, suna ɗaya, daga farko har ƙarshe.
Banɗaki, bayi, makewayi da bayan gida duk daidai ne, amma a takardar aiki ki zaɓi ɗaya ki tsaya a kansa, in ba haka ba mai karatu za ta zaci wurare daban ne. Ki ware "banɗaki" ga ɗakin gaba ɗaya, "masai" ga abin zaman kansa, sannan ki ba sassansa suna: murfi, mazauni, cikin kwano, gindi, madannin ruwa. Hanya mafi sauƙi ita ce ki zagaya da mai aikin kina nuna abu kina tambayar me take ce masa, domin wadda ta taso a Sakkwato ko Maraɗi ba lallai ta kira komai da sunan da ake kiransa a Kano ba. Sunan da ta sani shi za ki rubuta. Wannan yanar da ke taruwa a kusurwar silin ma, gara ki ce "saƙar gizo-gizo", tunda yanzu "yanar gizo" ta koma cikin waya.

8. Awon bilic: ki yi lissafin da kanki, ki ba ta sakamakon.
Nan ne fassara ta fi yin ɓarna, domin takardar asali an rubuta ta ne da bilic ɗin ƙasar da ta fito, kuma ƙarfin bilic ya bambanta. Ki juya gorar da kike saya ki karanta: wasu 3.5% ne, wasu 5%. Shawarar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayar a 2020 ita ce haɗi mai ƙarfin 0.1% don wuraren da ake taɓawa, da 0.5% inda jini ko wani ruwan jiki mai yawa ya zuba. Lissafin ba shi da wuya: ki raba ƙarfin da ke jikin gora da ƙarfin da ake so, ki cire ɗaya, abin da ya rage shi ne yawan awon ruwa ga awo ɗaya na bilic.

Mu gwada. Idan gorarki 5% ce, 5 a raba da 0.1 ya ba da 50, a cire 1 saura 49, wato awo 1 na bilic ga awo 49 na ruwa. Idan 3.5% ce, 3.5 a raba da 0.1 ya ba da 35, a cire 1 saura 34. Kin ga ke nan idan takardar ta ce 1 ga 49 kika kwafe haka alhali gorarki 3.5% ce, haɗin zai fito 0.07%, bai kai ƙarfin da aka nufa ba, ga shi kuma warinsa yana nan yadda kowa zai ɗauka ya yi. Don haɗi mai ƙarfi na 0.5%, gorar 5% tana son awo 9 na ruwa, ta 3.5% kuma awo 6.

Mai aiki ba ta buƙatar ganin wannan lissafi. Abin da za ki rubuta mata shi ne: "Ruwan sanyi lita 1, bilic babban cokali 2." Babban cokalin awo yana ɗaukar mililita 15, biyu sun zama 30, kuma wannan shi ne daidai ga gorar 3.5%. Ga gorar 5% kuwa mililita 20 ne a lita 1, wato ƙaramin cokali 4. Ki rubuta ƙarfin gorar a gefen layin, domin ranar da kika sauya samfuri ki tuna awon ma zai sauya.

9. Ki samar da abin awo guda, ki kira shi da suna a takarda.
Cokulan kicin ba girmansu ɗaya ba, kuma bai dace cokalin abinci ya riƙa shiga bilic ba. Ki ware ɗan kofin awo irin mai layukan mililita, ki ɗaure shi da zare a wuyan gorar, kada ya sake komawa wajen magani ko abinci. Sannan ki auna lita 5 a bokiti, ki ja layi da fenti daidai inda ruwan ya tsaya. Idan ba ki da abin auna lita, ledar fiya wata da aka rubuta 50cl a jikinta rabin lita ce, goma sun ba ki lita 5. Daga nan, idan gorarki 3.5% ce, layin takardarki ya zama: "A cika jan bokiti zuwa layi, a zuba bilic mililita 150." An gama gardama.

10. "Kofi" da "galan" ba awo ba ne sai kin fassara su zuwa lamba.
Kofin awo na Amurka kusan mililita 240 ne, a gidanmu kuwa kofi yana iya zama na shayi ko babban kofin silba. Galan ɗin Amurka kusan lita 3.8 ne, na Birtaniya kusan lita 4.5, don haka sai kin san ƙasar da takardar ta fito kafin ki juya shi zuwa lita. Haka ma zafin ruwan wanki: idan kika ga 140 a takardar Amurka, ma'aunin Farenhait ne, daidai yake da digiri 60 a ma'aunin Salshiyos da muke amfani da shi. Idan da hannu ake wanki a gidanki, kada ki bar lambar haka, ki yanke shawarar abin da za a yi a madadinta ki rubuta shi a fili.

11. Mintocin jira su samu layinsu na kansu.
Maganin kashe ƙwayoyin cuta yana buƙatar ya zauna a jiƙe a kan wuri na wani lokaci, kuma wannan ne abin da ya fi saurin ɓacewa a fassara, domin yakan zo a wutsiyar jimla. Ga ruwan bilic, mafi ƙaranci minti 1 ne a shawarar hukumar da na ambata, amma takardu da yawa suna cewa minti 5 ko 10, kuma lambar da takardarki ta faɗa ita za ki kwafa. Kada ki rubuta "a ɗan jira" ko "zuwa an jima", domin an jimar wani minti biyu ce, ta wani kuma bayan La'asar. Ki rubuta: "A bar shi a jiƙe minti 10. A duba agogo. Idan ya bushe kafin lokacin, a ƙara shafawa." Wannan jimlar ta ƙarshe tana da amfani ƙwarai a hunturu da bazara, lokacin da tayil yake bushewa kafin ki juya. Ki kuma nuna aikin da za a yi a cikin mintocin, kamar goge madubi, don kada jiran ya zama dalilin tsallakewa.

12. Gargaɗi ya zo kafin aikin, kuma ya fara da "KADA".
Takardun Turanci sukan tara gargaɗi a ƙasan shafi da ƙananan haruffa, inda ba a isa sai an gama aikin. Ke ki ɗauko kowanne ki ajiye shi a saman matakin da ya shafa. Mafi girmansu shi ne haɗa bilic da maganin wankin masai, domin yawancin waɗannan magungunan suna da asid, kuma idan suka haɗu da bilic suna fitar da iskar kulorin mai ƙona ido da maƙogwaro da huhu, balle a ƙaramin banɗaki marar taga. Haka yake da ruwan khal, kuma duk wani magani mai amoniya shi ma iska mai guba yake fitarwa idan ya haɗu da bilic.

Kada ki tsaya a "kada a haɗa sinadarai", wannan magana ce ta littafi. Ki ambaci sunayen gororin da ke gidanki kamar yadda aka buga su a jiki, idan kuma mai aikin ba ta karanta boko sosai, ki zana babbar lamba a kan kowace gora: "KADA gora ta 1 ta haɗu da gora ta 2, ko a bokiti ko a cikin masai." Ki ƙara musu waɗannan: a buɗe taga, a sa safar hannu, a haɗa bilic da ruwan sanyi, a haɗa sabo kowace rana domin wanda ya kwana ƙarfinsa raguwa yake yi, kuma kada maganin masai ya taɓa dutsen mabul, asid yana cin fuskarsa ya bar tabon da ba ya fita.

13. Launin tsumma: ki nuna, kada ki dogara da suna kaɗai.
Takardu da yawa suna bin tsarin launuka irin na asibitocin Birtaniya: ja na banɗaki, shuɗi na ɗakuna da falo, kore na kicin, rawaya na ɗakin da aka keɓe mai cuta. Ja ba ya rikita kowa, amma wani "bulu" ya sani, wani kore yake ce wa tsanwa, rawaya kuma wasu ruwan ɗorawa suke kiranta. Ki yanki ɗan ƙyalle daga kowane tsumma ki liƙa a gefen sunansa a takardar. Idan ba ki da tawul masu launi, tsofaffin atamfofi huɗu mabambanta sun wadatar, muddin na banɗaki ba zai taɓa leƙa kicin ba.

14. Ki sa sunan rana a madadin "mako-mako".
Akwai kalmar Turanci da take iya nufin sau biyu a mako, take kuma iya nufin sau ɗaya a mako biyu, har masu harshen suna rikicewa a kanta, don haka ki tambayi wanda ya rubuta. Idan kin tabbatar, ki rubuta ranakun: "Litinin da Alhamis", ko "Asabar ta farko da ta uku a wata". Lokacin yini ma ki ɗaure shi da abin da ba ya kuskurewa, kamar "kafin Azahar" ko "ƙarfe 10 na safe".

15. Kowane "mai kyau" ya zama abin da ido ko hannu zai iya gwadawa.
Ma'aunin kammala aiki shi ne rabin darajar takardar, kuma shi ake yawan fassarawa da "sosai" ko "da kyau", kalmomin da ba sa auna komai. Ki mayar da kowanne gwaji: madubi, a tsaya a gefe a dube shi ta inda haske yake faɗowa, kada a ga zanen tsumma. Saman kabad, a ja yatsa, kada ya ɗauko ƙura. Magudanar ruwa, babu gashi ko ɗaya. Zanin gado, a ja shi ya miƙe, abin da ya sauko ta hagu ya yi daidai da na dama, a cusa gefuna ƙarƙashin katifa, bakin rigar filo ya kalli ɓangaren da ba ƙofa ba idan haka takardar ta ce. Wannan yana kare mai aikin ma, domin idan ta ci gwajin babu wanda zai ce mata aikin bai yi ba.

16. Abin da takardar ba ta sani ba, ki ƙara shi da alama.
Wanda ya rubuta ta bai san buta ba, bai san masan tsuguno ba, balle dardumar salla, gidan sauro, takalmin shiga banɗaki ko bokitin ajiye ruwa saboda ɗaukewar famfo. Ki ƙara su a inda suka dace da tsarin, ki sa musu harafi kamar Ƙ1, Ƙ2, don a san ƙari ne daga gare ki. Buta da bokitin ruwa su zo kafin masai, domin sun fi shi tsafta, gidan sauro kuma a kakkaɓe shi tare da fanka da labule kafin a taɓa shimfiɗa.

17. Ki rubuta da "a", kuma ki sa wa haruffa ƙugiyarsu.
"A share", "a goge", "a ɗauraye" sun dace da mace da namiji, babba da yaro, kuma ba su da kaifin "ki yi kaza" idan mai aikin ta girme ki. Haruffan ɗ, ƙ da ɓ kuma ba ado ba ne: "kasa" daban, "ƙasa" daban, haka "daki" da "ɗaki". Idan wayarki ba ta da su, ki sauke madannin Hausa, ko ki buga takardar ki bi ta da biro ki ƙara ƙugiyoyin.

18. Ga yadda layi ɗaya yake komawa idan an gama.
A ce layi na 12 a takardar asali jimla ɗaya ce da take cewa a wanke masai ciki da waje a kashe ƙwayoyin cutarsa. A Hausa zai fito kamar haka:

KADA gora ta 1 (bilic) ta haɗu da gora ta 2 (maganin masai).
12a. A buɗe taga, a sa safar hannu, a ɗauko jan tsumma da jan bokiti.
12b. A kora ruwa a masai sau ɗaya.
12c. A zuba maganin gora ta 2 a cikin kwano kawai, a zagaya ƙarƙashin baki. A bar shi mintocin da aka rubuta a jikin gorar.
12d. A dirje cikin kwano da burushin masai. A kora ruwa sau biyu, har launin maganin ya tafi.
12e. A wanke waje da ruwan Omo, bi da bi: madannin ruwa, tanki, murfi, mazauni, ƙarƙashin mazauni, gindi. A ɗauraye da ruwa.
12f. A shafa ruwan bilic a wuraren nan, da wannan tsarin.
12g. A bar shi a jiƙe minti 10. A duba agogo.
12h. A ɗauraye da ruwa zalla, a tsane da busasshen jan tsumma.
Gwaji: a ɗaga mazauni, babu tabo a ƙarƙashinsa ko a wajen ƙusoshinsa.

Ki lura da 12d. Korar ruwan nan sau biyu ita ce ta raba maganin asid da bilic, kuma babu ita a jimlar asali, domin marubucin ya ɗauka kowa ya sani. Irin wannan ɓoyayyen mataki shi kika fita nema tun a shawara ta farko.

19. Ki gwada takardar da bakinki a rufe.
Ki ba wani wanda bai ga Turancin ba, ƙanwarki ko babban ɗanki, ya yi aikin da takardar Hausa kaɗai, ke kuma ki tsaya da ta asali a hannu kina kallo. Kada ki gyara masa, kada ki amsa tambaya, ki dai sa alama duk inda ya tsaya yana tunani, ko ya ɗauki abin da ba shi ba, ko ya tsallake. Kowace alama layi ne da ke son gyara. Idan kina da wanda yake jin harsunan biyu, ki sa ya karanta Hausar ya faɗa miki da Turanci abin da ya fahimta, ki bi lambobi da mintoci ɗaya bayan ɗaya ki ga ko sun dawo yadda suka tafi. Daga nan sai ki zauna da mai aikin ku bi ta tare, ki saurari gyaranta, domin ita ce take tsugunawa a wurin kullum kuma ta san abin da tsintsiya ba ta kaiwa.

20. Ki kai ta inda ake aikin, ta hanyar da mai aikin take karantawa.
Idan ajami ta fi iyawa, ki nemi wanda zai kwafe mata da shi, amma lambobin layi da na awo su zauna yadda suke a takardar boko. Idan ba ta karatu, ki ɗauki muryarki a waya kina karanta takardar kalma da kalma, saƙo ɗaya ga kowane ɗaki, kina faɗin lambar layi kafin aikinsa, kuma kada ki ƙara bayanin da babu shi a rubuce, don kada a samu umarni iri biyu. Takardar banɗaki ki sa ta a leda ko ki kai a yi mata laminatin, ki manna ta a jikin ƙofa ta ciki, daidai tsayin ido, nesa da fantsamar ruwa. Ki rubuta kwanan wata a ƙasanta, kuma duk ranar da kika sauya awo ko kika ƙara layi, ki cire tsohuwar daga bango, ki goge tsohon saƙon murya daga wayoyinku duka biyu, sannan ki manna sabuwar.